Darasi: Tafintan Cikin Waya da Hausar Katsina

Idan ka yi wa waya magana da Hausa ta mayar da ita Larabci, aiki uku ta yi a jere. Da farko ta saurari muryarka ta rubuta abin da ta ji. Sai ta fassara rubutun. Daga nan ta karanta fassarar a fili. Idan aikin farko ya karkace, sauran biyun bin sa kawai za su yi.

Manhajar ta koyi Hausa ne daga muryoyi da rubuce-rubucen da aka tara mata, kuma akasarinsu daidaitacciyar Hausa ce, wadda aka gina a kan Kananci, irin ta littattafai da labaran rediyo. Bakatsine kuwa "tahiya" yake cewa, ba "tafiya" ba. Ba bakinsa ne da matsala ba, manhajar ce ba ta saba jin sa ba, sai ta lalubo kalmar da ta fi kama a cikin waɗanda ta sani.

Ga misali. Alhaji daga Katsina yana Makka, ya ce wa waya: "Ina ake sayar da hura?" Fura yake nufi. Wayar ta rubuta "hura" daidai yadda ta ji, amma a wurin fassara tana iya ɗaukar ta hura ta hura wuta. Balarabe ya ji zancen busa iska, ya tsaya yana kallon Alhaji. Haka "gari": a baki muna bambanta na tuwo da na zama ta jan wasalin farko ko gajarta shi, a rubutu kuwa harufa huɗun nan ne dai. Ka ce "garin masara", kalmar da ke kusa za ta nuna mata hanya.

Yadda za ka yi: buɗe Google Translate, ka tabbata kana da data. Zaɓi Hausa a gefe ɗaya, Larabci a ɗayan. Matsa daga hayaniya, ka riƙe wayar kamar taƙi guda daga bakinka. Taɓa hoton makirfo, ka faɗi jimla ɗaya gajera, ka yi shiru. Kafin ka nuna wa kowa, karanta Hausar da ta rubuta, domin ita ce kaɗai za ka iya tantancewa. In ba abin da ka faɗa ba ne, sake faɗa ko ka gyara da hannu.

A kan kuɗi a yi hattara sosai. Kada ka ce "ashirin ba biyu", ce "goma sha takwas", ko ma ka rubuta 18 ka nuna. Bayanin shan magani kuwa, a nemi tafinta ɗan Adam.

Aikin aji: kowa ya faɗa wa waya jimla uku yadda ake faɗa a gidansu, ya kwafi abin da ta rubuta a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta canza.