Shawara ga masu tace sharhi a shafin kasuwanci

Masu sayar da kaya ta Facebook a nan Abuja, ku yi hattara da jerin kalmomin da kuke sa shafi ya ɓoye. Kada ku saka "kuɗi", "asusu" ko "WhatsApp". Mai saye na gaskiya daga Kubwa zai rubuta "na tura kuɗi, yaushe kayan za su iso?" Ka ga an ɓoye shi, shi kuwa yana ganin rubutunsa, yana zaton kun share shi ne.

Abin da ɗan damfara ba ya iya bari shi ne adireshin intanet ɗin da yake so a danna. A nan za a ɗana tarko, a saka waɗannan cikin jerin:

```
bit.ly
tinyurl.com
t.me/
chat.whatsapp.com
```

Cikin Moderation Assist kuma, wato sashen Facebook da ke tace sharhi da kansa, a kunna sharaɗin ɓoye duk sharhin da ke ɗauke da adireshi.

Amfanin ɓoyewa shi ne ana iya dawo da sharhin da Unhide, wanda aka goge kuwa ya tafi ke nan. Safe da yamma a leƙa waɗanda aka ɓoye, don wani mai saye adireshin hoton atamfar da yake so ne ya manna. Idan ’yan damfara suka koma rubuta "bit . ly" da tazara, a ƙara shi ma.