Kurakuran da masu saye ke yi wajen karanta sharhin kaya: misali da fawa bank

Duk lokacin da ɗauke wuta ya yi yawa a Kumasi, abin da mutanen nan ke kira dumso, kasuwar fawa bank takan buɗe. Wani ya gangara Adum ko Kejetia ya taya da bakinsa, wani kuma daga Aboabo ko Asawase ya buɗe Jumia a wayarsa ya fara duba taurari. Shi mai duba taurarin yana ganin ya fi wayo, tunda ya ji ta bakin waɗanda suka riga shi saye. Sai dai yawancin masu saye makin kawai suke gani, ba sa tambayar wane ne ya ba da shi, kwana nawa kayan ya yi a hannunsa, da kuma abin da ya sa ya ba da wannan makin. Bari mu ɗauki fawa bank mai 20,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, mu bi kurakuran da shi, domin kaya ne da sharhinsa ke yawan ruɗa mutane.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a kan jimillar maki. A ce fawa bank biyu ne, kowanne mutum 10 suka yi masa sharhi, kowanne kuma makinsa 4.2. A na farko, mutum 8 sun ba da tauraro huɗu, 2 sun ba da biyar. A na biyu, mutum 8 sun ba da biyar, 2 sun ba da ɗaya. Lissafin duk 42 ne a raba gida 10, amma kayan ba ɗaya ba ne. Na farkon ba wanda ya yi kuka da shi, kowa dai ya ga ɗan abin da bai cika ba. Na biyun kuwa akwai mutum biyu da ransu ya ɓaci sosai, kuma kai ba ka san ko a cikinsu za ka faɗa ba. Gyaran mai sauƙi ne: kada ka tsaya a lambar da ke sama, gangara inda aka nuna mutum nawa suka ba da biyar, nawa huɗu, har zuwa ɗaya. Kaya mai 4.2 daga mutum ɗari uku ya fi mai 4.9 daga mutum bakwai abin dogaro, don mutum bakwai ana iya haɗa su daga gida ɗaya.

Daga nan sai babbar matsalar, wato ɗaukar buƙatar mai sharhi a matsayin taka. Ka ga wani ya rubuta: "Yana caja min waya fiye da sau goma, na ji daɗinsa." Tauraro biyar. A ƙasansa wani ya ce: "Jabu ne, an rubuta 20,000 amma sau uku kacal ya cika min waya." Tauraro ɗaya. Mai saye sai ya rikice, ya ce lalle ɗayansu ƙarya yake yi. Yana yiwuwa duk gaskiya suka faɗa, kuma kayan lafiyarsa lau.

Ga yadda abin yake. Lambar 20,000 mAh da ke jikin kwali ta batirin ciki ce, wanda ke aiki a 3.7V. Wutar da ke fita ta bakin USB kuwa 5V ce, sai an ɗaga ta kafin ta shiga waya. Idan aka yi lissafin:

```
20,000 mAh × 3.7V = 74 Wh
74 Wh ÷ 5V = 14,800 mAh
```

Ko wannan 14,800 ɗin ba duka ke isa waya ba, saboda wani kaso yana salwanta ya zama zafi, shi ya sa kake jin fawa bank da wayar suna ɗumi lokacin caji. Kamfanoni da dama suna rubuta ainihin abin da ke fita da ƙananan haruffa a bayan kayan, a ƙarƙashin Rated Capacity, kuma ga mai 20,000 yawanci tsakanin 12,000 ne da 13,000. Saboda haka ka ɗauki kashi biyu bisa uku na lambar kwali, ka raba da girman batirin wayarka. Wayoyin Tecno, Infinix da Samsung da yawa a yanzu batirinsu 5,000 mAh ne, ke nan cikawa biyu da rabi zuwa uku za ka samu. Mai tauraro ɗayan nan, da ya ce sau uku, a gaskiya shaida ya ba da cewa kayan na ƙwarai ne, bai dai sani ba. Mai sau goman kuma da alama ƙaramar waya mai maɓallai yake riƙe da ita, irin mai batir wajen 1,000 mAh, ko kuma yana jona wayar ne tun cajinta bai sauka sosai ba ya ƙirga hakan a matsayin caji ɗaya. Yabonsa bai gaya maka komai a kan taka wayar ba. Da a ce wani mai batir 5,000 ne ya rubuta cewa sau ɗaya da ɗan ɗori yake samu, to nan ne za ka ja da baya, domin hakan na nuna batirin ciki bai kai abin da aka rubuta ba.

Don haka kafin ka buɗe sharhi ko ɗaya, ka tsayar da abin da kake nema. Mai tuƙa pragiya, wato babur mai ƙafa uku na haya, da ke yini a hanya yana son wanda zai cika da dare ɗaya, ya jure jijjiga da rana. Hajiyar da ke sayar da atamfa ta WhatsApp daga gida buƙatarta kada wayar ta mutu in an ɗauke wuta, nauyin kayan bai dame ta ba. Ɗalibin jami'ar KNUST da zai riƙa yawo da shi a jaka shi ne zai yi ƙorafin nauyi. Idan ɗalibin ya rage tauraro biyu saboda "ya cika nauyi", wannan ba aibi ba ne ga Hajiya. Hasali ma fawa bank mai 20,000 na gaske yakan kai kusan giram 400 ko ya ɗara, kuma wanda aka yaba da cewa "ba shi da nauyi ko kaɗan" shi ne abin zargi.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ita ce mutane suka fi sakaci da ita. Shafukan sayayya kan nemi mutum ya ba da maki jim kaɗan bayan kaya ya iso, lokacin ɗokin sabon abu bai sake shi ba. Sharhin "ya iso lafiya, yana da kyau, na gode" sharhin kwali ne da launi. Fawa bank kuwa sabo yakan zo da ɗan caji a ciki, fitilunsa na kamawa, ko mai kyau ne ko marar kyau. Halinsa na gaskiya sai daga baya yake fitowa. Batirin litiyam mai inganci yakan yi cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili, wato mai caja shi kullum zai iya haura shekara. Marar inganci, ko wanda aka haɗa da tsofaffin batura, cikin 'yan watanni zai fara nuna kansa: ya riƙa faɗowa daga fitila uku zuwa ɗaya, bakin caji ya yi sako-sako, ko jikinsa ya kumbura. Wanda ya yi kwana biyu da kayan ba zai taɓa ganin waɗannan ba.

To, ka nemi kalmomin da ke nuna daɗewa: "bayan wata huɗu", "tun azumin bara nake amfani da shi", "na dawo in gyara abin da na rubuta". Sharhi ɗaya irin wannan, ko da tauraro uku ne, ya fi guda ashirin na ranar farko amfani. Ka kuma duba kwanan watan da ke jikin kowane sharhi. Idan yabon duk na shekara biyu da suka wuce ne, ƙorafin kuma na watannin nan, mai yiwuwa an sauya kayan ko mai sayarwa, shafin ne kawai bai sauya ba. Idan kuma ka ga yabo goma sha biyar sun zubo cikin kwana biyu, gajeru, masu kama da juna, ba wanda ya ambaci wayar da ya caja, ka ɗauke su kamar ba a rubuta ba. Alamar Verified Purchase tana nuna an sayi kayan ta shafin, amma ba ta nuna an yi amfani da shi.

Akwai kuma rashin tantance dalilin makin. Tauraro ɗaya iri-iri ne. Wani saboda ɗan aike ya makara ne, wani saboda ya ce baƙi aka kawo masa fari, wani saboda washegari farashi ya sauka ya ji haushi. Waɗannan maganar mai sayarwa ce, suna da amfani wajen sanin da wa kake ciniki, amma ba su taɓa batirin ba. Ƙorafin "yana daɗewa bai cika ba" ma sai an bincika. Batir mai 74 Wh idan aka jona shi da tsohuwar caja mai 5V 1A, wato 5W, zai haura awa goma sha biyar. Da caja mai 10W zai ci awa takwas zuwa tara. Idan kuma an rubuta 18W a gaban Input, wato wutar da yake iya karɓa, aka samu cajar da ta dace da igiya mai kyau, wajen awa biyar ne. Mai sharhin da bai faɗi cajar da ya yi amfani da ita ba, ba ka san ko laifin kayan ne ko na cajarsa ba. Haka ma "ba ya saurin caja waya": sai fawa bank, da igiya, da wayar duk sun yarda da saurin kafin ya samu.

Ƙorafin da ba a wasa da shi shi ne wanda mutane daban-daban suka maimaita, a watanni daban-daban, kowa da kalmominsa. Mutum ɗaya ya ce nasa ya mutu a wata na biyu, ana iya cewa tsautsayi ne, kowane kamfani yana fitar da ɓaragurbi. Mutum biyar su faɗi haka, hali ne. Maganar kumburi ko zafin da hannu ba ya iya riƙewa kuwa, ko daga mutum biyu ta fito ka haƙura da kayan, domin batirin litiyam da ya kumbura yana iya kama wuta, kuma a ɗaki ake kwana da shi.

Wanda ya fi son sayen ido da ido ma sharhin zai yi masa aiki. Ka karanta a gida, ka rubuta cikakkiyar lambar samfurin, domin kamfani ɗaya yakan fitar da masu 20,000 iri uku ko huɗu, kuma wasu shafukan kan haɗa sharhin mai 10,000 da mai 20,000 wuri guda. In ka isa shago sai ka ce, "Maigida, juya min bayansa in ga Rated Capacity da Input." Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka jona wayarka ka ga ko ta nuna saurin caji, sannan ka tambayi kwana nawa ya yarda ka dawo da shi, a rubuta maka a rasit. Cikin waɗannan kwanakin ka cika shi taf, ka bar wayarka ta yi ƙasa sosai, ka ƙirga sau nawa ya cika ta ba tare da kana latse-latse ba. Idan batirinka 5,000 ne kuma bai kai cikawa biyu ba, ka mayar da shi tun wa'adin bai ƙare ba.