Idan wani a cikin yaranka yana cin gumin abokan aikinsa: inda oga ke yin kuskure

Duk wanda ya taɓa riƙe mutane a ofis ya san irin wannan mutumin. Wasu su kwana kan aiki, ranar mitin shi ya miƙe ya gyara hula ya ce "na duba, na gano, na gyara", darakta ya gyaɗa kai, shi kenan an gama. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Maganata a nan da kai ne shugaban sashen, don mafi yawan ɓarnar ba daga mai cin gumin take fitowa ba, daga yadda ogansu ya ɗauki zancen ne.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce kuna wata ƙungiya mai bibiyar aikin rigakafi a ƙananan asibitoci, kana da mutum 4 a ƙarƙashinka. Wata matashiya a cikinsu ita ke shigar da alƙaluma a Excel, tana cikin tankaɗe da rairaya sai ta lura asibitoci biyu an ƙirga yaransu sau biyu, ta zauna ta bi fom ɗin ɗaya bayan ɗaya ta gyara, ta tura wa wanda ke haɗa rahoto, wanda ya girme ta kuma ya riga ta zuwa wurin. Ranar gabatarwa darakta ya ce wa ya gano wannan kuskuren, mutumin naka ya ce "ai ranka ya daɗe sai da na zauna na bi su ɗaya ɗaya". Ita tana zaune a gefe ba ta ce uffan ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ka kira ta bayan mitin ka ce ta yi haƙuri, ai duk aikinmu ne gaba ɗaya, Allah yana gani. Haƙuri abu ne mai kyau amma a nan ka ɗora wa wadda aka cuta nauyin gyaran ne, kai kuma ka zame. Abin da aka ɗauke mata ba yabo ne kawai na fatar baki ba. Daraktan nan gobe shi zai zaɓi wanda za a tura kwas, shi zai sa hannu a sabunta kwantiragi, idan aikin gwamnati ne ma ga tantance ƙwazon ma'aikata yana jiranku a ƙarshen shekara, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne wane ne mai ido a kan alƙaluma. Za ka gane shirun naka ya fara ɓarna idan ka ga ta daina tura aiki da wuri, sai dab da lokaci, ko ta fara sa ka a CC na kowane ƙaramin imel, ko ta gano matsala ta yi gum har sai an shiga mitin. Ba ƙiwa ba ce, tsare kayanta take yi tunda ba wanda ya tsare mata.

Wasu kuma sai su tafi ɗaya ɓangaren, suna jin ƙorafi su hau sama su yanke hukunci ba su duba komai ba. Kafin ka buɗe baki ka ba kanka kwana ɗaya ka bi sawun aikin. Idan a Google Sheets ko Google Docs aka yi, ka shiga File, ka danna Version history sannan See version history, zai nuna maka sunan wanda ya taɓa fayil ɗin da ranar da ya taɓa. Ka duba imel ko saƙon WhatsApp da ta tura masa gyaran, akwai rana da lokaci a jiki. Idan ofishin takarda ne, ka ja fayil ka ga wa ya rubuta me da sa hannun wa. Amma fa wannan binciken yana da iyaka, kar ka riƙe shi kamar wahayi. Kwamfuta tana nuna wanda ya buga rubutu ne, ba ta nuna wanda ya yi tunanin. Wani lokacin shi ne ya ce mata a baki "anya lambobin can ba su yi yawa ba, duba mana", to a nan yana da kaso. Sannan a ofisoshinmu da yawa laftof ɗaya mutum uku ke amfani da ita da akawun ɗaya, ko a sauke fayil a tura ta WhatsApp a sake ɗorawa, tarihin duk ya ɓace. Idan haka ne sai ka tambayi kowa shi kaɗai yadda aka yi aikin. Tambaya guda tana raba gardama: "ta yaya aka gane an maimaita?" Wadda ta yi aikin za ta ce maka ta jera su ne bisa lambar fom sai ta ga lambobi suna dawowa, har ta faɗa maka layin da ta fara gani. Wanda bai yi ba zai tsaya a "kawai dai na lura".

Yana da kyau kuma ka raba laifin, don ba duka ne girmansu ɗaya ba. Akwai wanda bakinsa ya saba da "na" ko aikin mutum goma ne, akwai wanda aka yabe shi bisa kuskure ya ji daɗi ya ƙi gyarawa, akwai kuma wanda ya buɗe rahoto da hannunsa ya goge sunan wata ya sa nasa. Na ukun nan ni dai ba na ba shi uzurin mantuwa.

Sai batun tozartawa. Oga ya ji haushi, a mitin na gaba ya ce a gaban kowa "Malam, ashe aikin nan ba naka ba ne", ko mafi muni ya shiga guruf ɗin ofis ya saki habaici, wai wasu suna girbin abin da ba su shuka ba. Abin da zai biyo baya sananne ne. Mutumin zai daina kare aikin ya koma kare mutuncinsa, 'yan uwansa a ofis su ce an ci wa babba fuska saboda yarinya, ita kuma a sa mata sunan mai kai ƙara, sai ka ga wadda kake son taimaka wa ita ta fi kowa shan wahala. Idan kana cikin mitin ɗin kuma ka san gaskiya, akwai hanya mai sauƙi da ba ta zubar da jinin kowa. Yana gama magana sai ka ce "ranka ya daɗe, Malama ce ta bi fom ɗin nan, bari ta yi mana bayanin yadda ta gano." Ba ka ce masa maƙaryaci ba, amma darakta ya ji daga bakin mai aikin, kuma duk wanda ke ɗakin ya fahimta.

Idan mitin ya riga ya wuce sai ka kira shi ofis ku biyu, a cikin satin, kar ka bari sai an yi wata zancen ya yi sanyi. A nan ma ana ɓata rawa, domin oga sai ya fara da hali: kai dama son kanka ya yi yawa, kullum haka kake. Wannan gardama ce kawai ka buɗe, zai kawo maka sau goma da ya taimaki mutane. Ka tsaya kan jimla ɗaya da ya furta a rana ɗaya.

"Malam, ranar Talata da darakta ya tambayi wanda ya gano maimaicin nan ka ce kai ka bi su. Na duba, Malama ce ta yi gyaran ta turo maka tun ranar Alhamis. Ya aka yi?"

Sai ka yi shiru ka bar shi ya amsa, kar ka cike masa gurbin. Galibi zai ce "ai yallaɓai da sunan sashe na yi magana". Ka ce to madalla, amma darakta bai ji sashe ba, kai ya ji, don haka a gyara. Idan kuma ya girme ka, kamar yadda ake yawan samu, girmamawar tana cikin murya da kiran sa Malam ko Alhaji da rufe ƙofa, ba a cikin janye maganar ba.

Wurin da na fi ganin masu kirki suna faɗuwa shi ne nan: an yi magana a ɓoye, ya ba da haƙuri, an sha hannu, kowa ya ji sanyi, sai a ɗauka an gama. Ba a gama ba, domin har yanzu darakta yana nan da labarin farko a kansa. Inda aka ɗauke yabon nan ake mayar da shi. Mafi kyau shi da kansa ya tura gajeren imel ga waɗanda suka halarci mitin, layi biyu ya isa, ya ce ƙarin bayani kan rahoton ranar Talata, gyaran alƙaluman asibitoci biyun nan Malama ce ta gano kuma ta yi. Ba sai ya rubuta tuba ba, hakan ma ya fi masa sauƙin haɗiyewa, kuma a idon darakta zai fito ne a matsayin mai adalci. Ka ba shi wa'adi, kamar zuwa tashi aiki gobe. In bai tura ba kai ka tura, ka sa shi a CC. Sannan ka koma wurinta ka gaya mata an gyara, ba sai ka zazzage mata abin da kuka tattauna da shi ba.

Daga nan ka duba hanyar da aikin ke bi, don sau da yawa tsarin ofis ne ya buɗe ƙofar. Idan mutum ɗaya ne kullum yake haɗa rahoto kuma shi yake tsayawa gaban manya, to ko bai yi niyya ba sunansa ne zai manne a jikin komai. Ka sa a shafin farko na kowane rahoto a rubuta wa ya tattaro bayanai, wa ya tantance, wa ya rubuta. A mitin kowa ya gabatar da ɓangarensa ko da minti 2 ne, har mai jin kunyar magana, ita ma da haka za ta saba. Kai ma ka kula da bakinka, in kana gaban darakta kana ta "mun yi, mun yi" ba ka kiran suna, yaranka daga wurinka suke koyo.

In ya sake bayan duk wannan, to ya tashi daga suɓutar baki. Ka rubuta rana da abin da aka faɗa da shaidar da ka gani a kowane karo, ka gaya masa ƙarara cewa wannan karon zai shiga rubuce, sannan ka bi dokar wurinku, ko takardar tuhuma ce ko miƙa wa sashen kula da ma'aikata. Kafin a kai can kuma ka cire shi daga zama ƙofa ɗaya tilo da aikin wasu ke bi zuwa sama, kowa ya riƙa ɗora nasa kai tsaye a fayil ɗin da kai ma kake gani.