Darasi na Bakwai: Wa Ya Zo, Wa Ya Daina Zuwa?

An yi horo mai zama uku, kuma kowa ya rubuta kansa a takardar halarta duk ranar da ya zo. Da aka kwafe takardun a Excel, an sami layi 96. Shugaban horon yana son sanin abu uku: wane zama ne mutane suka ragu, 'yan shekara nawa ne suka daina zuwa, kuma daga wane gari suke. Abin da zai ba mu amsa shi ne PivotTable, wanda za mu riƙa kira teburin taƙaitawa. Amma ku riƙe abu ɗaya tun yanzu: teburin nan layuka yake ƙirgawa, bai san mutum ba.

Shirya bayanan

Kowane layi na kwance ya zama zuwa ɗaya na mutum ɗaya. Wanda ya halarci zama uku, layi uku gare shi. Ginshiƙai kuwa, wato jerin da ke tsaye, huɗu ne, kowanne da sunansa a layin farko: Lamba, Zama, Gari, Shekaru. A ba kowane mahalarci lamba tasa wadda ba ta canjawa, domin suna ba abin dogaro ba ne. Mutum biyu kan yi suna ɗaya, mutum ɗaya kuma kan rubuta nasa iri biyu. Kada a bar ginshiƙi ba suna, kada kuma a rubuta jimla a ƙasa, don ita ma za a ƙirga ta kamar wani ne ya zo.

Ku danna cikin bayanan, ku latsa `Ctrl+T`. Amfaninsa shi ne duk layin da aka ƙara daga baya zai shiga lissafi ba sai an sake zaɓo iyaka ba.

Saura rukunin shekaru. Ku buɗe ginshiƙi na biyar mai suna Rukuni, ku sa wannan a gidan E2:

```
=IF(D2="","Babu",IF(D2<30,"18-29",IF(D2<45,"30-44","45+")))
```

Kashin farko, mai "Babu", shi ne wanda masu gaggawa kan tsallake. Excel na ɗaukar gidan da babu komai a matsayin sifili, sifili kuma bai kai 30 ba. In babu kashin nan, duk wanda ya ƙi faɗin shekarunsa, ko dattijo ne mai furfura, cikin matasa zai faɗa, kuma ba wani gargaɗi da zai fito.

Gina teburin

Ku shiga Insert, ku zaɓi PivotTable. A akwatin da zai buɗe, ku sa alama a Add this data to the Data Model kafin ku danna OK. Za ku ga amfanin alamar nan gaba kaɗan. A gefen dama sunayen ginshiƙanku za su fito, da gidaje huɗu a ƙarƙashinsu. Ku ja Zama zuwa Rows, Rukuni zuwa Columns, Lamba zuwa Values.

Kada ku firgita in kun ga jimla ta doshi dubu biyu. Ku dubi gidan Values, za ku ga Sum of Lamba. Da Excel ya ga alƙaluma sai ya tara su, kamar wanda aka ce ya ƙirga gidajen unguwa ya koma tara lambobin da ke jikin ƙofofi. Ku danna shi, ku shiga Value Field Settings, ku zaɓi Count. Ga abin da ya fito a misalinmu:

| Zama | 18-29 | 30-44 | 45+ | Jimla |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 15 | 14 | 9 | 38 |
| 2 | 11 | 13 | 9 | 33 |
| 3 | 5 | 12 | 8 | 25 |
| Jimla | 31 | 39 | 26 | 96 |

Kafin komai, ku dubi 96 ɗin da ke kusurwa. Ta yi daidai da yawan layukan da aka shigar, ke nan ba a bar kowa a waje ba. Sannan ku karanta daga sama zuwa ƙasa. Mahalarta sun sauko daga 38 zuwa 25, an rasa 13. A cikin 13 ɗin, goma matasa ne, daga 15 zuwa 5. Sauran rukunan biyu kusan suna nan daram.

Zuwa 96, mutum nawa?

A nan rahotanni da yawa ke zamewa. Na taɓa ganin wanda ya ɗauki irin wannan jimla ya rubuta cewa mutane kaza aka horar, alhali ɗakin da aka yi horon ba zai ɗauki rabinsu ba. 96 zuwa ne, ba mutane ba. Don samun mutanen, ku koma Value Field Settings, ku gangara ƙarshen jerin, ku zaɓi Distinct Count, wanda ke ƙirga kowace lamba sau ɗaya tak. Alamar da muka sa ɗazu ce ta kawo shi. In an manta da ita ba za ku gan shi ba, sai an sake gina teburin. Masu aiki da Google Sheets kuma COUNTUNIQUE za su nema.

Yanzu jimla ta koma 40, amma zaman ukun suna nan 38, 33 da 25. Lissafi bai ɓaci ba, wanda ya zo sau uku ne aka ƙirga sau ɗaya. In kuwa adadin wani zama ya ragu bayan wannan canji, to akwai wanda aka shigar sau biyu a zama ɗaya, sai a nemo shi a goge.

Gari

Ku ja Rukuni daga Columns zuwa Filters, ku zaɓi 18-29 kaɗai. Ku sa Gari a Rows, Zama a Columns. A misalinmu garuruwa biyu ne, mun laƙaba musu Gabas da Kudu. Matasan Gabas su 9 ne a zama na farko, saura 1 a na uku. Na Kudu daga 6 suka koma 4. Ashe ba matasa gaba ɗaya ne suka watse ba, na gari guda ne.

Ginshiƙin gari ya fi kowanne datti, don hannu daban-daban ke rubuta shi. Kuskuren harafi ɗaya kan raba gari gida biyu. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne gurbin da aka bari kafin suna, don ido ba ya ganinsa, amma yakan sa gari ɗaya ya fito sau biyu. A koma asalin bayanan a gyara, `TRIM` na share irin wannan gurbi. Bayan kowane gyara ku danna teburin da maɓallin dama na maus, ku zaɓi Refresh, in ba haka ba tsohon adadi zai ci gaba da nuna muku.

Teburin ya nuna inda ramin yake, bai faɗi abin da ya haƙa shi ba. Ko nisa ne, ko lokacin zaman, sai an tambayi mutanen. Ku danna sau biyu a kan 9 ɗin nan na matasan Gabas, sabon shafi zai buɗe da layukansu da lambobinsu. Su za a nema. Ku kuma yi hattara da kaso cikin ɗari a kan mutane kaɗan: a rukunin mutum 6, fashin mutum ɗaya ya kusa kashi 17. Gara a rubuta "4 cikin 6".

Aikin yi

Ku shigar da layi 20 na ƙirƙira, ku gina teburin. Sai ku goge shekarun mutum ɗaya, ku maimaita layin wani, ku ɓata rubutun gari ɗaya, ku yi Refresh. Ku ba na kusa da ku ya gano kurakuran uku daga teburin kawai, ba tare da ya leƙa bayanan ba.