Takardar Neman Aiki a Abuja: Sakin Layi Uku a Shafi Ɗaya

Ranar da ɗan yayata ya gama bautar ƙasa a wata sakandare da ke Kuje, ya kwaso jakarsa ya sauka wurina a Mararaba. Bai yi sati biyu ba ya miƙo mini wasu takardu, ya ce, "Kawu, a duba mini wannan kafin in kai." Wani kamfanin rarraba kayan masarufi ne a Idu yake neman mataimakin mai kula da sito. Takardar tasa shafi biyu ce cif. Ya fara da doguwar gaisuwa, ya yi wa manaja addu'a, ya faɗi garin da aka haife shi, ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne, ya roƙi a taimaka masa da kowane irin aiki. Duk gaskiya ne, kuma sai da zuciyata ta karye. Amma na karanta har ƙasa ban ga inda ya ce ya taɓa ƙirga kwali ko ɗaya ba, alhali na san shekara uku ya yi yana riƙe da littafin shagon baffansa a kasuwar Dawanau.

Na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai Kawu, yabon kai jahilci ne."

Ga wanda ya sauka Abuja kwanan nan, daga Katsina ne ko Gusau ko Maraɗi ko Damagaram, nan ne tuntuɓe yake. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, kuma a gida ba ma buƙatar faɗin abin da muka iya, domin akwai wanda zai faɗa a madadinmu. A nan wanda zai buɗe takardarka bai san gidanku ba. Takardu ne jibge a gabansa, kuma tambaya ɗaya yake yi wa kowace: wannan zai iya aikin? Cewa "ni haziƙi ne mai gaskiya" shi ne yabon kai. Cewa "na riƙe littafin shago shekara uku" ba yabo ba ne, shaida ce, kuma ita aka aiko ka kawo.

Wannan takarda ita ce ke rakiyar si-bi, wato takardar tarihin karatunka da aikinka. Si-bi jeri ne na makarantu da shekaru. Ita kuwa ta rakiya magana ce kai tsaye da mai ɗaukar aiki, a kan aiki ɗaya tak. Da Turanci ake rubuta ta a nan, a buga da kwamfuta, sai fa idan sanarwar ta ce a rubuta da hannu. 'Yan'uwanmu da suka yi karatu a Nijar su lura da wannan, kuma dogon jawabin girmamawa da suka saba rufe wasiƙar Faransanci da shi ba a yin sa a nan.

Shafin kansa A4 ne, a bar fili kamar santimita 2.5 a kowane gefe, harufa masu girman 11 ko 12, nau'in Times New Roman ko Calibri ko Arial. A sama sunanka, unguwar da kake zaune, lambar waya da imel, sai kwanan wata, sai muƙamin wanda ake rubuta wa da adireshin kamfanin, sai gaisuwa, sai layi ɗaya na kanu mai faɗin aikin da ake nema. Waɗannan kaɗai sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na shafin. Abin da ya rage kalma 250 zuwa 300 zai ɗauka. Idan ka ga kana rage girman harufa zuwa 9 don komai ya shiga, maganarka ce ta yi yawa, ba takardar ce ta yi kaɗan ba.

Adireshin nan kada a raina shi. Ɗan yayata na Kano ya sa, don shi ne gida. Na ce ya sa Mararaba, tunda nan yake kwana. Mai neman ɗan sito yana son wanda zai iya kira yau ya zo gobe, in ya ga Kano sai ya fara lissafin masauki da kuɗin mota.

Sakin layi na farko gajere ne, jimla biyu ko uku. Wane aiki kake nema, a ina ka ga sanarwar, kai wane ne a taƙaice. Sunan aikin a rubuta shi daidai yadda yake a sanarwar, har da lambarsa in akwai, domin kamfani na iya neman direba da akawu da ɗan sito a lokaci guda, kuma da wannan layin ake raba takardu. Ga ma'anar abin da muka rubuta masa: "Ina neman aikin mataimakin mai kula da sito da kuka sanar a makon jiya. Ina da babbar difloma a fannin akanta, na kammala bautar ƙasa a Kuje, kuma na yi shekara uku ina riƙe da lissafin kaya a wani shagon hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano." Shi ke nan. Wanda ya tsaya a nan ma ya riga ya san dalilin da zai ajiye takardar a gefen dama. Idan wani ma'aikacin wurin ne ya gaya maka labarin aikin, za ka iya ambatarsa a nan, amma sai ka nemi izininsa tukuna.

Na tsakiya shi ne takardar, kuma a kansa muka kai dare. Ba daga kanka ake farawa ba, daga sanarwar ake farawa. Na ba shi biro na ce ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da suka ce suna so. Abu huɗu ya fito: iya ƙidayar kaya, iya aiki da Excel, rubuta rahoton mako, da riƙon amana. Sai na ce a gaban kowane ɗaya ya rubuta wani abu da ya faru, da wuri da lokaci da adadi.

Da farko ya ce shi bai taɓa aiki ba. Haka duk sabon mai nema yake cewa, domin a wurinsa aiki shi ne wanda ake biyan albashi a ofis. Na ce ya ba ni labarin ranar da mota ta sauke kaya a shagon baffansa. Sai baki ya buɗe. Yakan tsaya a bakin mota yana ƙirga buhuna ana saukewa, ya gwada da takardar da direba ya zo da ita, ya shigar a littafi, duk Alhamis ya bi sito ya sake ƙirgawa. Wata rana ya ga littafi na cewa buhun masara 212, a ƙasa kuma 206 ne. Ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya har ya gano an ba wani dillali shida bashi ba a rubuta ba. Daga ranar ya buɗe littafi na dabam na kayan da suka fita bashi.

Na ce, "To ɗana, ka ga abin da ka ɓoye?" Wannan labarin kaɗai ya amsa ƙidayar kaya da riƙon amana, ba tare da kalmar amana ta fito ba. Gani ya kori ji. A takardar jimla uku ya zama: abin da yake yi kullum, giɓin buhu shida da yadda ya gano shi, da gyaran da ya kawo. Na Excel kuwa daga bautar ƙasa muka samo shi, domin shi ne yake shigar da makin ɗalibai 140 na aji uku, ya fitar da jimla da matsayin kowa a ƙarshen zango. Jimla biyu. Rahoton mako ba shi da shaida mai ƙarfi a kansa, sai muka bar shi. Shaida biyu masu nauyi sun ishe shi.

A nan nake roƙon kowa, kada a ƙara gishiri. Da ya ce zai rubuta ya ƙware a Excel, na tambaye shi me ya iya. Tara lambobi, jera su, da fitar da matsakaici. To abin da muka rubuta ke nan. A wurin intabiyu ana iya ajiye maka kwamfuta a ce bismilla, kuma duk adadin da ka sa a takarda tambaya ce ka ba su da hannunka.

Akwai gwajin da nake yi wa wannan sakin layi. Rufe sunanka da yatsa ka karanta. Idan abokinka da kuka gama makaranta tare zai iya sa hannu a ƙasa ba tare da ya canza kalma ba, ba ka rubuta komai ba tukuna. Wannan ce illar takardun da ake saya a shagunan buga takardu, inda mai shago ke da guda ɗaya a kwamfuta yana canza suna kawai. Na taɓa ganin wadda aka canza adireshi a sama, aka manta sunan wani kamfani dabam a tsakiya. Ka rubuta taka da biro a gida, ka kai a buga, ka tsaya a kansa har ya gama.

Na rufewa ba ya son tsawo. Jimla ɗaya kan abin da ya sa wannan aikin ya dace da kai, ba fadanci ba: shi cewa ya yi kayan masarufi su ya sani tun yana yaro, kuma yana son ya koyi tsarin babban sito. Sai ya ce si-bi ɗinsa na haɗe, yana Mararaba, zai iya zuwa intabiyu duk ranar da aka kira shi, zai iya fara aiki nan take. Sai godiya, sau ɗaya. Maganar albashi ba ta shiga sai sanarwar ta tambaya. Maraici da nauyin ƙanne mun cire su gaba ɗaya, kuma na ga abin ya yi masa nauyi, amma wanda ke karantawa shi ma ma'aikaci ne da zai kare zaɓinsa a gaban na sama da shi, kuma da shaida zai kare shi.

Gaisuwa da sallama tafiya suke tare. In ba ka san sunan mutumin ba ka buɗe da Dear Sir/Madam, to da Yours faithfully za ka rufe. In ka kira sunansa, Yours sincerely. Sai sa hannu, sai cikakken suna a ƙasa, irin wanda ke kan takardun makarantarka.

Su kamfanin na Idu ta imel suka ce a aika. Muka mayar da ita PDF don kada layuka su tarwatse a kwamfutar wani, muka sa wa fayil ɗin sunansa da sunan aikin, muka rubuta sunan aikin a kanun saƙon. Imel ɗinsa na laƙabin ƙwallo ne tun na sakandare, sai da ya buɗe sabo da sunansa na yanka. Kafin ya tura, na sa ya aiko mini tukuna, na buɗe a wayata: shafi ɗaya ne, ba abin da ya zube zuwa na biyu. Na ce ya karanta lambar wayarsa da ƙarfi. Ya ƙirga ya ga lamba goma ce maimakon goma sha ɗaya, ya gyara, sannan ya tura.