Ƙoda, koda, qoda: kurakurai wajen binciken kalmomin nema na Hausa

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zuba kalma da daidaitaccen rubutunta cikin manhajar auna yawan bincike, ya ga adadin bai taka kara ya karya ba, sai ya ce babu masu nemanta. Masu nema suna nan, ba da ƙ suke rubutawa ba ne. Yawanci da waya ake nema, kuma ba kowace waya aka saita da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba.

A ɗauki "ciwon ƙoda". Wani zai rubuta koda, wani qoda, wani kuma k'oda, yadda aka saba tun zamanin tafireta. Duk abu ɗaya suke nufi, don haka a haɗe za a auna su. A Google Trends, alamar + tsakanin kalmomi tana haɗe su a layi guda. Kada ka duba kowacce ita kaɗai sannan ka tara sakamakon, domin lambobin 0 zuwa 100 da yake nunawa ma'aunin kwatance ne, ba yawan mutane ba. A Search Console kuwa, manhajar Google da ke nuna kalmomin da aka nema aka ga shafinka, idan ka zuba wannan a matatar regex za ta kwaso maka su gaba ɗaya:

```
ciwon (ƙ|k|q|k'|k’)oda
```

Ka lura waƙafin sama iri biyu ne a ciki, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, saboda wayoyi sun bambanta kan wanda suke fitarwa.

Sai dai wanda ya gane wannan yakan faɗa wani ramin. Ya cire ƙugiya, ya auna "koda" ita kaɗai, ya ga adadi ya tashi, ya hau murna. Alhali a ciki har da masu rubuta "ko da" a haɗe. Haka ƙasa take rikiɗewa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa. Maganinsa shi ne kada a auna kalma tsirara. A jingina ta da abokiyar tafiyarta, kamar "ciwon koda" ko "wankin koda". Sannan ka buga ta da kanka a Google ka duba shafin farko na sakamakon. Idan abin da ya fito bai shafi lafiya ba, adadin nan ba naka ba ne.

Akwai kuma wanda ke tsammanin dabarar share alamomin da ke kan haruffa, wadda ke mayar da é zuwa e, za ta mayar da ƙ zuwa k. Ba za ta yi ba. A tsarin Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, U+0199, ba ya rabuwa gida biyu, haka ma ɓ da ɗ. Da hannunka za ka sauya su a wani ginshiƙi na daban a jadawalin kalmominka, ka bar ainihin abin da aka rubuta a gefensa. Ka haɗa da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, wadda a Najeriya ake rubuta ta 'y, masu nema kuwa y kawai suke bugawa.