Matakan tsara jinya: misalin yaro mai zawo

Ɗaliban aikin jinya a nan Garwa sun sha tambayata yadda matakan jinya biyar ke haɗuwa a takarda ɗaya. Mu ɗauki yaro ɗan shekara 2, nauyinsa kilo 10, an kawo shi da zawo.

1. Bincike. Ku tambayi uwar sau nawa ya yi zawo, ku auna nauyinsa, ku duba ko idanunsa sun faɗa, ku tsunguli fatar cikinsa ku ga ko tana saurin komawa.

2. Gane matsala. Ku rubuta: ƙarancin ruwa matsakaici saboda zawo, alamarsa faɗawar ido da ƙishirwa. Hattara, nan ake yawan tuntuɓe: kada ku rubuta "kwalara". Sunan cuta na likita ne, naku shi ne halin da ta jefa yaron.

3. Tsarawa. Ku sa burin da za a iya aunawa: cikin awa 4 ya sha ruwan gishiri da sukari na ORS mililita 750, wato 75 kowane kilo. "Ya samu sauƙi" ba buri ba ne.

4. Aiwatarwa. Ku nuna wa uwar ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da kofi ko cokali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. In yana shan nono, kada a hana shi.

5. Tantancewa. Bayan awa 4 ku sake duba ainihin alamun da kuka rubuta da farko. In ya galabaita ya kasa sha, kada ku jira lokacin ya cika; ku kira likita, ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata, tsarin kuma ya koma mataki na 1.